Tagar da Toshe Ya Fasa

Sunansa na yanka yana cikin katin shaida, katin kuwa yana ƙasan akwati, don haka kowa Toshe yake ce masa. Magini ne, ya shekara arba'in da ɗoriya da cokalin gini a hannu, kuma sunan ba a banza ya same shi ba. Mutumin nan ba ya iya ganin kafa ya wuce. Ka kira shi ya ɗora maka bulo uku a katanga, kafin ka kawo masa ruwan sha ya liƙe ramin ɓera, ya cike tsagar da ke bayan ƙofa, yana kuma harare-hararen hudar da ka bari da gangan don wayar lantarki. A ganinsa gini biyu ne a duniya: wanda iska ke shiga, da wanda magini ya yi.

Cikin duk abin da ya gina, da benaye da shaguna da katangar makaranta, babu wanda yake alfahari da shi kamar kicin ɗin gidansa. Ɗan ɗaki ne, ƙafa takwas a ƙafa bakwai, a kusurwar tsakar gida. Ya gina shi shekara talatin da uku da suka wuce, lokacin matarsa tana goyon fari. Matar, wadda har shi kansa Inna yake ce mata tun da yara suka fara magana, ta yi masa ƙorafi sau ɗaya tak a lokacin. Ta ce iska na shigowa ta tsakanin bango da kwano tana kashe mata wuta, in ruwa ya zo da iska kuma har cikin tukunya. Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ma ɗaga murya ba. Washegari Toshe ya ƙi fita aiki, ya kwaɓa siminti, ya bi tsakanin bango da kwano ya liƙe shi ruf, ya toshe 'yar tagar da ke baya da bulo biyu, ya shafe ta yadda ko shi sai ya lalubo wurin. Daga ranar wutar Inna ba ta sake mutuwa ba.

Shi ba mutum ne mai iya daɗin baki ba. Bai taɓa ce mata tana da kyau ba, bai taɓa sayo mata turare ba tare da an aike shi ba. Abin da yake da shi siminti ne, shi ya ba ta. In baƙo ya zo, sai ya tsaya da shi a tsakar gida ya nuna masa kicin ɗin daga nesa, ya ce ko sauro sai ya nemi izini. Daga nesa fa, domin tun ranar da simintin ya bushe Toshe bai sake sa ƙafa a ciki ba. Me zai je yi? Abinci yana fitowa a kan lokaci.

Inna kuwa a ciki ta yi rayuwarta. Sau uku a rana take hura wuta, da itace in akwai, da gawayi in an samu, in itacen ɗanye ne ta tura masa leda ko tsohon silifa ya kama. Takan zauna a 'yar kujera, fuskarta dab da murhu, ƙofar a saye saboda kaji. A nan ta goyi 'ya'ya biyar, a nan ta yaye su. Idonta kullum ja, kullum yana ruwa, har maƙwabta suka ɗauka halittarta ce haka. Tari kuwa ya zama kamar agogon gidan. Da safe in an ji ta fara, an san gari ya waye, ta yi ta yi sai ta fitar da majina sannan ta ɗauki tsintsiya ta bi tsakar gida da shara, ƙura ta tashi har saman katanga, ita tana tsakiya.

Abin da ya fara damun Toshe ba tarin ba ne, don ya saba da shi kamar yadda ya saba da ƙarar ƙofa. Gaisuwa ce ta dame shi. Daga ƙofar gidansu zuwa shagon da ke bakin layi ba wata tafiya ba ce, a da Inna takan je ta dawo tukunya ba ta tafasa ba. Sai ga shi ta koma mai son mutane. Ta tsaya gun tela ta gaishe shi, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya gun mai faci ta tambaye shi kasuwa. Ta tsaya a dakalin gidan da ba ta shiri da matarsa, nan ma ta yi gaisuwa mai tsawo. Wata rana Toshe yana biye da ita a baya, sai ya ga ta yi tsayuwa ta huɗu a gindin falwaya, inda babu kowa. Ta dafa ta, kafaɗunta suna hawa suna sauka, bakinta a tsuke kamar mai hura shayi. Nan ya gane ba gaisuwa take yi ba, numfashi take nema.

Da ya yi mata maganar, ta ce tsufa ne, ya bar ta. Da ya faɗa wa Auta, 'yarsu ta ƙarshe wadda ke aure a ɗaya gefen gari, Auta ba ta tsaya neman ra'ayin kowa ba. Ta zo da safe, ta ɗauko wa uwarta mayafi, ta ce wa ubanta ya sa takalmi.

A asibiti aka karɓi majinar Inna aka duba, aka ce ba tarin tibi ba ne, Toshe ya fara gyara zama zai tashi. Aka ce ya zauna. Aka ɗauki hoton ƙirji. Aka kawo wata na'ura mai bututu, aka ce Inna ta ja iska ta cika ƙirji, ta hura da iyakar ƙarfinta har sai ta ƙare. Matar da ta shekara talatin tana hura wuta sau uku a rana, ta hura, likita ta dubi na'urar ta ce ta sake. Ta sake. Aka shaƙa mata wani magani, aka jira, ta kuma hurawa. Likitar, wata doguwa mai gilashi da ba ta ɓata magana, ta tambayi Inna karan taba nawa take sha a rana.

Sai da Auta ta riƙe uwarta. Inna ta ce ita ko warin taba ba ta so, mijinta ma bai taɓa sha ba, kuma in don a ci mata mutunci aka kawo ta to a mayar da ita gida. Likita ba ta ji haushi ba, da alama ta saba. Ta ce to a ina take girki, da me, kuma taga nawa ne a wurin.

A nan Toshe ya ga ƙofar shiga magana. Ya gyara murya ya bayyana kicin ɗin tun daga tushe: kaurin bango, irin kwaɓin, yadda ya liƙe saman, yadda ya shafe tagar. Ya ce ko sauro sai ya nemi izini. Yana jiran a yaba, sai ya ga likita ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur.

Ta ce hayaƙi ba iska ba ce kawai mai wari. Cike yake da ɓurɓushin toka da baƙi, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani ɗaya ɗaya. Manyan, hanci yana tare su, shi ya sa majina ke fita baƙa. Ƙananan kuwa wucewa suke har can ƙasan huhu, inda hanyoyin iska suka sirance. Jiki yana ƙoƙarin share su da majina da tari, amma in ana zuba masa sau uku a rana shekara da shekaru, sai hanyoyin su kumbura, su yi tabo, su ƙuntace. Iska ta shiga da ƙyar, fitarta ta fi wuya. Leda da roba kuwa guba suke ƙarawa a kai. Gawayi ma da ake ganin ba ya hayaƙi, a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar launi marar wari da kan kwantar da mutum har lahira. Ƙurar shara ita ma hanyar ɗaya take bi. Sannan ta dubi hannayen Toshe da suka yi fari da siminti, ta ce shi ma in yana yanka bulo a bushe yana shaƙa, ya sani layinsa yana nan tafe.

Toshe ya saurara da kyau, domin bayani ne irin na gini, ya gane shi. Sai ya yi tambayar da kowane magini zai yi.

"To likita, ba a kankarewa? In bango ya yi baƙi, kankare shi muke yi mu sake shafe."

"Ba a kankarewa, Baba," in ji ta. "Abin da ya lalace ya lalace. Maganin shaƙa zai buɗe mata hanya ta ji sauƙi. Aikinmu yanzu shi ne kada ya ƙaru, kuma wannan aikin ba a nan za a yi shi ba, a gidanka ne."

Ta lissafa musu abubuwa, Auta tana rubutawa a bayan katin asibiti. Da za su fita ta ƙara ɗaya, ta ce wannan na Baba ne shi kaɗai: ya shiga kicin ɗin ya zauna, a rufe ƙofa yadda aka saba, har a gama girki ɗaya.

Toshe ya kama hanyar gida. A ransa yana cewa yarinyar nan ta san huhu, amma ba ta san gini ba. Kicin ɗin da bai taɓa yoyo ba, bai taɓa tsagewa ba, shi za a ɗora wa laifi? Ya kwana biyu yana kumbure-kumbure, yana amsa gaisuwa da ka. A rana ta uku, don dai ya ƙaryata ta, ya ɗauki kujera ya shiga. Auta ce ta hura wutar, don an hana Inna, ta hura ta yadda uwarta ke yi, da ɗanyen itace da leda, ta fito ta saya ƙofa.

Minti huɗu ya yi. Auta ta duba a waya, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba. A na farko ya ce ai wannan ba komai ba ne. A na biyu idonsa ya fara zuba. A na uku ya ɗaga kai don ya nemi iska, ya ga hayaƙin ya taru a ƙarƙashin kwano ya yi kauri, yana juyawa yana neman hanya, ya bi layin simintin nan nasa mai kyau daga kusurwa zuwa kusurwa, bai samu ko hudar allura ba, ya sauko. Aikin ya yi kyau, babu ƙarya. A na huɗu ya fito da rarrafe yana tari kamar zai amayar da hanjinsa.

Inna tana zaune a inuwa tana tsince shinkafa. Ta dube shi, ta miƙa masa kofin ruwa, ta ce ai yau da sauƙi, itacen bai jiƙe sosai ba.

Wannan maganar ce ta karya shi. Ya zauna a ƙasa da kofin a hannu ya yi lissafin da ya iya: awa uku ko huɗu a rana, shekara talatin da ɗaya. Shi ya kasa minti biyar. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da katangar wani ta faɗi a hannunsa. Kyauta ɗaya ya taɓa yi wa matar nan da zuciya ɗaya, ashe ita ce take cin ta.

Washegari ya jingina tsani. Sai rigima ta ɓullo ta inda bai zata ba, domin Inna ce ta fito ta tsaya a gindin tsanin ta ce ba a fasa mata kicin. Iska za ta kashe mata wuta, ƙura za ta shigar mata miya, kuliyar maƙwabta za ta samu hanya. Ta ce shekara talatin ba ta roƙe shi komai ba, yau tana roƙonsa ya sauko. Ta yi maganar a guntu-guntu, tana tsayawa tsakanin kalma da kalma tana jan iska, shi kuma yana sama yana jin kowace tsayawa.

"Inna, ke kika ce in toshe, na toshe," ya ce. "Yau ba ki ce ba, amma zan buɗe. Ki yi fushi da ni, na yarda. Matsa daga nan, ƙura za ta taso."

Auta ta ja ta zuwa ɗaki ta rufe ƙofa. Toshe ya jiƙa bangon sharkaf kafin ya taɓa shi, abin da bai taɓa yi ba a wurin aiki, ya ɗaura takunkumin da aka ba shi a asibiti, ya ɗaga guduma. Simintin ya ƙi fasuwa. Ya zage shi, ya zagi wanda ya kwaɓa shi, sannan ya tuna ko wane ne. Sai bayan azahar ya gama cire layin saman gaba ɗaya, ya lalubo tsohuwar tagar ya fitar da bulo biyun nan, ya ƙara faɗinta, ya fasa wata a bangon da ke kallonta don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Tela da mai faci suka leƙo ta katanga, don labari ya kai bakin layi cewa Toshe yana fasa rami da hannunsa, kuma ba wanda ya yarda sai ya gani.

Da haske ya shiga, aka ga ɗakin a karo na farko. Bangon baƙi ƙirin, kunkunniya tana reto daga kwano kamar tsumma. Toshe ya sa cokalin gini ya kankara, baƙin ya yi kaurin farce, yana maiƙo. Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo. Ta sa hannu ta dafa ƙirjinta, ta koma ɗaki.

Sati guda ya yi yana aikin. Ya wanke bangon ya shafa farar ƙasa. Ya gina murhu mai tsayi, wanda tukunya ke zama daram a bakinsa, da ƙaramar ƙofar itace a gaba, ya sa maƙeri ya naɗa masa bututun kwano ya fitar da shi ta rufi har ya zarce saman ɗakin. Ya kafa rumfa a waje don ranar da babu ruwan sama a yi girki a fili. Ya yi wa itace ma'aji a ƙarƙashin rumfar, ya faskara shi ƙanana ya jera ya bushe. Leda da silifa ya ce duk wanda ya sake sa su a wuta a gidan nan, shi da shi ne. Auta ta kawo ƙaramin gas don shayin safe da ɗumame, Inna ta rufe shi da ƙyalle mai ado ta ɗora masa kwanon furanni, sai da aka yi wata guda ana lallashi kafin ta yarda a kunna. Wake aka koma jiƙa shi tun da wuri, tukunya kuma da murfi, don wuta ta rage daɗewa. Shara ya karɓe ta da kansa: ya yayyafa ruwa tukuna, ya share a hankali, kayan ɗaki ya goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa. Maƙwabta sun yi dariyar magini da tsintsiya kwana uku, da suka ga ba ya kula su suka gaji.

Ranar da Inna ta koma girki, da sharaɗin ta riƙa ɗora tukunya tana fitowa, abin da ta faɗa ya faru. Iska ta shigo ta sabuwar taga ta kashe wutar tun ba ta kama ba. Ta dube shi, kallon da ya fi magana. Sannan ta durƙusa yadda ta saba, ta ja iska, ta hura. Tokar ko motsi ba ta yi ba. Ta sake ja, tari ya sarƙe ta.

Toshe ya kama ta ya tayar, ya zaunar da ita a kujera a waje inda iska ke kaɗawa. Ya ɗauko murfin bokiti, ya tsuguna a gefen murhun, ya yi ta fifita har wutar ta kama, hayaƙin ya bi bututu ya fita sama. Tun daga ranar hura wuta ya zama aikinsa, safe da rana da yamma in yana gida. Har yau bai iya ba, kuma har yau tana faɗa masa daga inda take zaune.

Sunan dai bai canza ba, Toshe ake ce masa. Amma a wurin aiki ya zama abin tsoro. In mai gida ya ce a yi masa kicin babu taga don ɓarayi, sai ya ajiye cokali ya ce a nemi wani. In aka matsa, ya ce mai gidan ya zo gidansa, akwai ɗanyen itace da ya ajiye musamman, su rufe tagogi da buhu ya zauna minti biyar. Mutum biyu sun gwada. Bulo kuwa ba a yanka masa shi a bushe, sai an zuba ruwa, ko da leburori za su yi ta gunaguni. Duk ƙarshen wata yana hawa rufinsa ya zura sanda mai tsumma a bututun, don in kunkunniya ta toshe shi hayaƙin ɗaki zai dawo.

Inna ba ta warke ba, kuma ba wanda ya ce za ta warke. Idonta ya daina ja, tarin safe ya ragu, maganin shaƙa yana ɗaure a bakin zaninta. Duk yamma takan fita zuwa shagon bakin layi, don likita ta ce tafiyar tana da amfani, kada ta zauna. Toshe yakan bi ta a baya da 'yar tazara, wai zai sayi ashana. Ashanar da ke gidan yanzu ta cika gwangwani biyu.

Takan tsaya gun tela. Takan tsaya gun mai faci. Takan tsaya a dakalin matar da har yanzu ba sa shiri. Sannan falwaya. Daga falwaya zuwa shagon taku talatin ne da biyu, ya auna, kuma a tsakaninsu akwai wani kututture da ya dace da mai neman wurin dafawa. Toshe ya tsani kututturen nan kamar ya tsani mutum. Kullum in ta saki falwaya sai ya ji nasa numfashin ya tsaya, ya zuba wa ƙafafunta ido har ta gota shi.

Shekara biyu ke nan. Jiya ma ta gota shi, ta isa shagon, ta juyo ta same shi tsaye a tsakiyar layi yana share ido da hannun riga. Ta tambaye shi lafiya. Ya ce hayaƙi ne.

Inna ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta dubi layin tun daga farkonsa har ƙarshe. Babu mai hura wuta ko ɗaya. Ta miƙa masa ledar kayan ta ce ya riƙe, su tafi gida.